Yadda ake haɗa kuɗin jirgi da na fito a kan farashin kaya kafin a lissafa riba

Wani Alhaji da nake riƙe wa littafi a Alabar, nan Kumasi, ya taɓa kirana da la'asar sakaliya, ya tura mini takarda ya ce, "Malam, duba mini nan. Kaya na fita kamar ruwa, yara ba su zauna ba tun safe, amma littafinka ya ce na faɗi." Littafin bai yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Kwantenarsa ta sauka a watan, yaron shago ya kwashe kuɗin jirgi da na kwastan da na mota ya zuba su gaba ɗaya cikin kashe-kashen watan, tare da kuɗin wuta da na shayi. Kayan kuma aka shigar da su sito a kan farashin da ke jikin inbois ɗin mai kaya na Sin, kamar daga Guangzhou suka yi fiffike suka sauka a Alabar.

Abin da ya kamata a rubuta shi ne farashin sauka: duk abin da kaya suka ci tun daga hannun mai sayarwa har suka shiga sitonka a shirye don sayarwa. Ƙa'idar lissafin haja ta duniya, wadda akantoci ke kira IAS 2, haka ta tsara: kuɗin saye, da kuɗin fito, da harajin da ba za a maido maka ba, da sufuri, da dako, a cire rangwamen da mai kaya ya yi maka. Wannan kuɗi yana zama ne a jikin kayan. Ba ya shiga lissafin riba sai ranar da kayan suka fita.

Zan bi kwantena guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, na daidaita su don lissafin ya yi sauƙin bi, har da canjin dala da na ɗauka a kan sidi 12.

Tara takardun wuri guda

Ka samu jakar takarda ɗaya ga kowace kwantena, ka rubuta lambar kwantenar a bayanta. Abin da zai shiga ciki: inbois ɗin mai kaya, takardar jerin katan-katan mai nuna girma da nauyi, takardar kuɗin jirgi, ta inshora, takardar kwastan da ake fitarwa daga ICUMS, manhajar kwastan ta Ghana, tare da shaidar biya ta banki, rasitan tashar Tema da na kamfanin jirgi, lissafin ejan, da kuɗin motar da ta kawo kayan Kumasi. 'Yan dako ba sa ba da rasit, don haka ka rubuta da hannunka a ranar, shugabansu ya sa hannu ko ya dangwala.

Kafin komai, duba haruffa uku da ke jikin inbois. In FOB ne, mai kaya ya tsaya ne a ɗora kaya cikin jirgi, kuɗin jirgi da inshora naka ne, za ka ƙara su. In CIF ne, sun riga sun shiga farashin har Tema, kuma wanda ya sake ƙara su ya lissafa abu ɗaya sau biyu. Na ga wanda ya yi hakan, ya tsauwala farashi har maƙwabcinsa ya kwashe masa masu saye.

Kada ka karɓi dunƙulallen lissafi daga ejan. In ya ce maka "fitar da kaya dubu kaza ne", ka ce ya warware maka, ya kuma ba ka takardar kwastan ɗin kanta. Ba zargi ba ne. A cikin wannan dunƙulen akwai kuɗin da zai hau kaya, akwai wanda ba zai hau ba, kuma ba ka da hanyar rabewa sai da takardar.

Kwantenarmu mai ƙafa 20 ce, kaya iri biyu ne a ciki. Katan 200 na kulolin abinci, kowane dala 40, jimla dala 8,000. Sai kan keken ɗinki guda 200, kowane dala 60, jimla dala 12,000. Inbois ɗin FOB ne. A sidi, kuloli sun kama 96,000, kekuna 144,000, duka 240,000. Wato a takarda katan ɗin kula sidi 480 ne, keke 720.

Maganar canji a taƙaice: in ka biya mai kaya tun kafin a ɗora, yi amfani da canjin ranar da ka biya. In bashi ya ba ka, canjin ranar da kayan suka zama naka za ka ɗauka. Idan sidi ya faɗi kafin ka biya bashin, bambancin asarar canji ce, tana da nata shafin, ba a komawa a ɗora ta kan kaya.

Wanda zai hau kaya da wanda ba zai hau ba

Tambaya ɗaya nake yi wa kowane rasit: ba don wannan kuɗin ba, da kayan sun iso sito? In amsar a'a ce, ya hau kaya. A kwantenarmu, waɗanda suka haye su ne kuɗin jirgi dala 3,000, wato sidi 36,000, inshora 1,200, kuɗin fito 38,800, sauran ƙananan harajin shigo da kaya da ba a maidowa, irin na ECOWAS da na Tarayyar Afirka da 'yan uwansu, 15,000, kuɗin tasha da na kamfanin jirgi da ladan ejan 12,000, mota daga Tema zuwa Kumasi haɗe da sauke kaya 8,000. Jimlarsu 111,000. Dubi girmansa: kusan rabin kuɗin kayan ne, kuma shi ne yaron Alhaji ya jefa cikin kuɗin shayi.

Harajin VAT ne ke rikita mutane, domin a takardar kwastan ɗaya yake fitowa da kuɗin fito, a biya su lokaci guda. In kana da rajistar VAT irin wadda ke ba ka damar cire abin da ka biya daga abin da ka karɓa a hannun masu saye, to wanda ka biya a tasha ba tsadar kaya ba ce, bashi ne kake bin GRA, hukumar harajin Ghana, sai ka ajiye shi a shafinsa. In ba ka da wannan damar, ya zama tsada, ya hau kaya. Haka za ka auna harajin lafiya da na ilimi da ke biye da shi: dokar shekarar da kayan suka shigo ta yarda ka cire su, ko ba ta yarda ba? Dokar nan ta sha sauyawa, don haka kada ka kwafi yadda aka yi a kwantenar shekarun baya. Idan kuma ka ga harajin kuɗin shiga da aka karɓa tun a tasha, shi ma ba na kaya ba ne, kafin alƙalami ne na harajinka na ƙarshen shekara. A misalinmu mai kayan yana cire VAT ɗinsa, shi ya sa ba ka gan shi cikin 111,000 ba.

Kuɗin ajiya da kamfanin jirgi ke riƙewa har a maido masa kwantena, naka ne, zai dawo, kada ya hau. Dimarej kuwa, wato tarar da ake ci in kwantena ta wuce kwanakinta na kyauta, ni ba na ɗora shi. Wasu na gardama cewa ai da ba a biya ba kayan ba za su fito ba. Gaskiya ne, amma jinkirinmu ne ya haife shi, ba kayan ba. In ka cusa shi cikin farashin katan, ya ɓace, ba wanda zai sake tambayar wa ya yi sakaci da takardu. In ka bar shi a fili a matsayin asarar watan, Alhaji zai gani, kuma zai yi magana. Hayar sito bayan kaya sun iso, da albashin yara, da kuɗin kai wa mai saye kaya Tamale ko Bolga, duk kashe-kashen kasuwa ne, ba su da hurumi a nan.

Rabon, inda aikin yake

Da kaya iri ɗaya ne a kwantenar, da sai ka haɗa 240,000 da 111,000 ka raba da yawan katan, ka tashi. Amma 'yan kasuwarmu ba sa cika kwantena da abu guda. To wa zai ɗauki nawa?

Hanyar da kowa ya fi sani ita ce rabo bisa daraja. Kuloli su ne kashi 40 cikin 100 na kuɗin inbois, kekuna kashi 60, sai a raba 111,000 haka: 44,400 da 66,600. Katan ɗin kula ya tashi a kan 702, keke a kan 1,053. Lissafin ya daidaita, ba ko sisi da ya ɓata. Sai dai ba gaskiya ba ne.

Ka tsaya bakin kwantenar ranar da aka buɗe ta. Katan-katan na kula ne tun daga ƙofa har kusan ƙurya, kekunan kuma suna can a jere a lungu guda. Takardar jerin kaya ta faɗi haka: kowane katan na kula ya ci CBM 0.09, duka 18. Kowane keke 0.03, duka 6. CBM ɗaya shi ne wurin da ke da mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Cikin 24 da aka cika, kuloli sun cinye kashi uku cikin huɗu. Kamfanin jirgi wuri ya sayar maka, bai tambayi darajar abin da ka zuba ba. Saboda haka wanda ya cinye wurin shi zai biya.

Kowane kuɗi sai a bi abin da ya jawo shi. Kuɗin jirgi a bi girma: 27,000 ga kuloli, 9,000 ga kekuna. Kuɗin tasha da ejan, tunda a kan kwantena ake yanke su, su ma girma: 9,000 da 3,000. Mota haka: 6,000 da 2,000. Inshora kuwa daraja take bi, domin a kan darajar kaya aka yanke ta: 480 da 720.

Kuɗin fito ba a raba shi da ka, kwafowa ake yi. Ghana na bin jadawalin kuɗin fito na bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS, mai rukuni biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100, kuma a kan darajar CIF ake yankawa, wato kuɗin kaya haɗe da jirgi da inshora. Kowane irin kaya yana da lambarsa da layinsa a takardar kwastan. Mu ɗauka kuloli sun faɗa rukunin 20, kekuna rukunin 10, takarda ta nuna 22,200 a layin kuloli da 16,600 a layin kekuna. Waɗannan za ka ɗauka yadda suke. Kada ka zauna ka lissafa abin da ya kamata a ce an caje ka, domin kwastan suna da nasu canjin dalar, kuma suna iya ɗaga darajar kaya sama da abin da inbois ya nuna. In sun ɗaga, ƙarin kuɗin fiton da ka biya ya hau kaya, amma kuɗin sayen yana nan a abin da ka biya mai kaya, ba a darajar da kwastan suka ƙiyasta ba. Ƙananan harajin ma layi-layi suke fitowa: 6,000 ga kuloli, 9,000 ga kekuna.

Yanzu tara. Kuloli sun ɗauki ƙarin 70,680, a haɗa da 96,000 ya zama 166,680, a raba da 200: katan ɗaya sidi 833.40. Kekuna sun ɗauki 40,320, a haɗa da 144,000 ya zama 184,320: keke ɗaya 921.60. Kafin ka ci gaba, haɗa 166,680 da 184,320. Dole su ba ka 351,000, daidai da inbois haɗe da ƙarin kuɗi. In ba su ba ka ba, akwai rasit ɗin da ka tsallake ko ka maimaita.

Kwatanta da rabon farko. Wanda ya yarda da 702 zai sayar da katan ɗin kula a kan 800 yana murnar ribar 98, alhali kowane katan da ya fita ya tafi masa da 33.40 daga aljihu. A gefe guda yana riƙe da keke yana cewa ba zai saki ƙasa da 1,053 ba, telan da ya zo daga Aboabo ya juya ya saya a Adum. Kasuwar kula tana ta ci, shi kuma yana ƙara odar abin da ke cinye shi. Jimlar littafi ba za ta taɓa tona wannan ba, tunda asarar wancan tana ɓoye cikin ribar wannan.

Ba kullum girma ne ma'auni ba. Kwantenar tayil ko ƙusa nauyi ke cika ta tun wuri bai ƙare ba, don haka da kilo za ka raba. Kayan jirgin sama ma da kilo ake cajinsu, sai in abu ya cika girma ba nauyi. Masu haɗa kaya a kwantenar taro sun huta, domin takardarsu da CBM take zuwa. Idan kuma kayan duk kusan iri ɗaya ne a girma da tsada, kamar atamfa kala-kala, rabo bisa daraja ya wadatar, kada ka wahalar da kanka.

A Excel, in jimlar girman kowane irin kaya tana layin D, kuɗin jirgi kuma yana G1, rabon layi na biyu shi ne:

```
=D2/SUM($D$2:$D$3)*$G$1
```

Sai ka ja shi ƙasa. Masu aiki da manhajar ERPNext za su tarar da wannan a Landed Cost Voucher, amma da kansa bisa yawa ko daraja yake rabawa, rabon girma sai ka shigar da hannu. Odoo yana da Landed Costs, yana kuma da By Volume da By Weight, muddin ka cika girma da nauyin kowane kaya tun farko.

Daga sito zuwa lissafin riba

A littafi, buɗe shafi guda ka kira shi "kaya a hanya". Duk kuɗin da ka biya saboda kwantenar, daga inbois har 'yan dako, can zai fara sauka, kada ko ɗaya ya shiga kashe-kashe. Ranar da kaya suka shiga sito aka ƙirga, sai ka kwashe 351,000 daga wannan shafi ka mayar shafin haja, kowane kaya da farashin saukarsa. Shafin kaya a hanya ya koma sifili. In ka ga saura a ciki bayan wata biyu, wani abu bai hau kaya ba.

A watan farko an sayar da katan 150 na kula a kan 950, da keke 60 a kan 1,150. Ciniki ya kama 211,500. Tsadar abin da aka sayar ita ce 150 sau 833.40, wato 125,010, da 60 sau 921.60, wato 55,296. Jimla 180,306. Ribar ciniki kafin a cire haya da albashi: 31,194. Abin da ya rage a sito, katan 50 da keke 140, darajarsa 170,694, kuma in ka haɗa shi da 180,306 za ka koma kan 351,000.

Ga yadda yaron Alhaji zai rubuta wannan watan. Zai cire tsadar kaya a farashin inbois, 115,200, ya ga riba 96,300, sannan ya zabge 111,000 gaba ɗaya, ya fito da faɗuwar 14,700. Tazarar da ke tsakanin lissafinsa da namu 45,894 ce, kuma ba ɓata ta yi ba, tana kwance a jikin kayan da ba a sayar ba. Wata mai zuwa kuma littafinsa zai nuna riba mai ƙiba wadda babu ita, tunda kekunan za su fita a kan 720. Alamar cutar ke nan: duk watan da kwantena ta sauka faɗuwa, watan da ke biye riba har da ta mamaki. Inda abin ya fi ciwo shi ne ƙarshen shekara, ko ranar da masu haɗin jari za su raba riba, ko in ɗaya zai fita a ƙiyasta masa rabonsa na kayan sito. A nan zumunci ke tsami.

In akwai ragowar tsofaffin kuloli a sito daga kwantenar baya, zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta: ko na farkon shiga shi ne na farkon fita, ko ka haɗa tsoho da sabo ka fitar da matsakaicin farashi. IAS 2 ta yarda da duka biyun, ba ta yarda da a fara fitar da na ƙarshen shiga ba.

Takardar da ta makara

Da wuya ejan ya kawo lissafinsa na ƙarshe ranar da kaya suka iso, kasuwa kuma ba za ta jira shi ba. Ka sa ƙiyasi daga abin da kwantenar baya ta ci, ka rubuta shi a matsayin bashin da ake binka, ka fara sayarwa. In takardar gaskiya ta zo sai ka gyara bambancin.

A ce bayan an rufe wancan ciniki ya kawo ƙarin 4,000 na kuɗin tasha. Rabon girma ya ba kuloli 3,000, kekuna 1,000, wato 15 a kowane katan, 5 a kowane keke. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗora 3,000 ɗin duka a kan katan 50 da suka rage, kowane ya yi tsalle da sidi 60. A'a. Katan 150 sun riga sun tafi, rabonsu 2,250 ya wuce kai tsaye cikin tsadar abin da aka sayar, 750 kawai zai hau na sito. Kekuna ma haka: 300 ga waɗanda suka fita, 700 ga 140 da ke nan.

Sai fashe-fashe. In aka buɗe aka tarar katan biyu sun murƙushe, irin abin da ba a rasawa a hanyar Tema zuwa Kumasi, raba 166,680 da 198 maimakon 200, masu lafiya su ɗauki nauyin. Amma in ruwa ne ya shiga ya lalata katan 40, wannan ba tsadar kaya ba ce. Ka fitar da su a kan 833.40 kowane, ka rubuta asara, ka ɗauki hotuna tun motar ba ta bar ƙofar sito ba, ka nemi kamfanin inshora da takardar da ka biya 1,200 dominta.